Mastas ko zuwa fili: ta wace ƙofa ake shiga aikin lafiyar al'umma da na agaji?

Zainabu: Assalamu alaikum 'yan gida. Ni nas ce, shekara uku ke nan ina sashen yara a wani babban asibiti. Burina in koma aiki da ƙungiyoyin agaji, irin waɗanda ke shiga sansanonin 'yan gudun hijira da wuraren annoba. Na tura takardun neman aiki wurare da dama, ko a ce "mun gani" babu. Yanzu na samu gurbin mastas na lafiyar al'umma, amma sai na ajiye aiki, kuma ɗan abin da na tara duk can zai tafi. Rashin mastas ɗin ne ke tare ni, ko akwai wani abu da ban sani ba? Waɗanda suka yi aikin su taimaka.

Auwal: Wa alaikumus salam. Kar ki ko yi shawara da kowa, je ki yi mastas ɗinki. Buɗe tallan aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ki gani, layin farko babban digiri suke tambaya. Idan ba ki da shi kwamfuta ce ma ke zubar da takardarki kafin mutum ya gani.

Dakta Bilki: Auwal, rabin maganarka daidai ce, amma ka karanta layi na biyu. A yawancin tallan Majalisar, matakin aiki na P-2 na neman babban digiri da aƙalla shekara 2 na aiki a fannin, P-3 shekara 5, P-4 shekara 7. Sau da yawa ma suna karɓar digirin farko idan akwai ƙarin shekara 2 a kai. Wato takarda ba ta tsayawa a madadin shekarun aiki, amma shekarun aiki kan tsaya a madadin takarda. Sannan ba ta nan ake fara shiga ba. Waɗannan kujerun, masu neman su mutane ne da suka riga suka sha rana a fili.

Zainabu ƙanwata, ƙofar da mafi yawanmu muka bi ita ce aiki a matsayin ma'aikacin cikin gida, wato ƙungiya ta ɗauke ki a ƙasarki. Mafi yawan ma'aikatan agaji a duniya 'yan ƙasa ne, baƙin da ake turowa daga waje 'yan kaɗan ne. Ana farawa da nas a cibiyar kula da yara masu tamowa ko tantin kwalara, a zama shugabar sashe, a zama mai kula da ayyukan jinya na aikin gaba ɗaya, daga nan ne ake neman fita waje. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, alal misali, abin da take nema ga nas da za ta tura wata ƙasa shi ne lasisin aiki mai rai da aƙalla shekara biyu na aiki bayan kammala karatu, kuma tana son wanda ya taɓa shugabantar wasu ko ya koyar da su. Faransanci ko Larabci na ƙara wa mutum daraja sosai. Mastas ba ya cikin sharuɗɗan nas.

Me kika rubuta a takardar tarihin aikinki?

Zainabu: Dakta, abin da kowa ke rubutawa. Makarantun da na yi, sannan "kula da marasa lafiya, ba da magani, taimaka wa likita".

Dakta Bilki: To ga matsalar nan. Wannan nas dubu za su rubuta. Mai tantancewa so yake ya ga gado nawa ne a sashenki, mutum nawa kike shugabanta a aikin dare, ko ke ke tsara jadawalin aiki, ko ke ke ƙirga magunguna da rubuta odar wata. Kin taɓa kula da yaro mai tamowa mai tsanani da madarar F-75? Kin taɓa shiga gangamin rigakafi? Kin taɓa haɗa rahoton mako? Ina da yaƙinin kin yi rabinsu, ba ki dai ɗauke su a bakin komai ba ne.

Nura: Salam. Ni ma wannan nake nema. Wani ya turo min fom na wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce in biya kuɗin rajista da na horo sai a ba ni takardar ɗauka da biza. Ya ce sauran gurbi kaɗan. Wa ya taɓa bi ta nan?

Malam Garba: Nura, riƙe kuɗinka. Majalisar ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar aiki, tana ma rubuta hakan a ƙasan tallanta. Manyan ƙungiyoyi ma haka. Ka duba ReliefWeb, shafin da ake tallan ayyukan agaji, ko shafin ƙungiyar da kanta, idan aikin ba ya can to ɗan damfara ne. Kuma aikin nan ba hanyar samun biza ba ne, inda mutane ke gudu daga can ake kai ka.

Dakta Bilki: Zainabu, bari in ba ki irin tambayar da nake yi wa mutane a intabiyu, sai ki auna da kanki abin da ya rage miki. Sansani mai mutum 20,000. An tabbatar da kwalara jiya. Ke ce babbar nas. Me za ki yi a kwana biyun farko?

Zainabu: Zan ware tanti na musamman, in nemi ruwan ƙari da yawa, in sa wa duk wanda ya zo, in ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sai in nemi a kawo rigakafi.

Dakta Bilki: Ware tanti daidai ne. Amma "in sa wa duk wanda ya zo" nan za ki faɗi. Mafi yawan masu kwalara ruwan gishiri da sukari na ORS ya ishe su. Ruwan ƙari na wanda jikinsa ya bushe ƙwarai ne: ido ya faɗa, fata in an tsunkula ba ta komawa da wuri, bugun jini ya yi rauni, ba ya iya sha. Shi za a ba ruwan ƙari na Ringer, mililita 100 ga kowane kilo na nauyinsa cikin awa uku idan ya wuce shekara ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku a rabin awar farko. Mai kilo 60 lita 6 ke nan, kafin ma a fara mayar da abin da yake ci gaba da zubarwa.

Yanzu lissafa. A ɗauka biyar cikin ɗari na sansanin za su kamu kafin annobar ta lafa, mutum 1,000. A ɗauka ɗaya cikin biyar zai zo a bushe, mutum 200. Lita 1,200 ke nan mafi ƙaranci. Idan kika rataya wa kowa leda saboda hankalin 'yan uwa ya kwanta, a makon farko za ki ƙarar da kayan, ranar da annobar ta kai ƙololuwa kuma ki tsaya kina kallon mutane hannu rabbana. Babban aikinki a nan shi ne ki koya wa ma'aikata, waɗanda wasunsu jiya aka ɗauke su, su rarrabe marasa lafiya gida uku tun daga bakin ƙofa, kuma ki tabbata wani na zagayawa da kofi yana sa mutane sha. Hannunki da wuya ya taɓa allura.

Malam Garba: Dakta ta gama nata, bari ɗan ruwa da kaya ya sa baki. Lita 1,200 ɗin nan da ta faɗa a baki ɗaya, ya haura tan guda, kuma wani ne zai kawo shi ta hanyar da wataƙila damina ta yanke. Sannan tanti ba ya tsayar da kwalara, ruwa ke tsayar da ita. Ma'aunin Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji ke bi, ya ce aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana. Mutum 20,000 lita 300,000 ke nan kullum. Idan tankarka mai lita 10,000 ce, sawu 30 a rana, ban da ranar da ta lalace. Mai kwance a tantin kwalara shi kaɗai lita 60 ake ware masa. Ban ɗaki, ana farawa da ɗaya ga mutum 50 a farkon gudun hijira, a yi ƙoƙarin kai shi ɗaya ga 20: daga 400 zuwa 1,000.

Ga kuma abin da nas dole ta haddace, don ita za ta kama kuskuren: kulorin kala uku ne a tantin. Kashi 2 cikin ɗari na bayan gida da amai da gawa, 0.2 na gado da daɓe, 0.05 na wanke hannu. Na taɓa zuwa wata cibiya na ga hannun masu shara duk ya saɓe. Bokitan iri ɗaya ne, babu rubutu, mai haɗawa ya sauya su da dare. Da ganin hannun ka san abin da ya faru. Shi ya sa ake bambanta launin bokiti, a rubuta ranar da aka haɗa.

Ni difloma gare ni a lafiyar muhalli, ba ni da mastas, kuma ban taɓa rasa aiki saboda shi ba. Amma ba na ce kowa ya bi sawuna.

Isyaku: Akwai abu ɗaya da ba a ambata ba, kuma shi ne ainihin lafiyar al'umma: rajistar masu cutar. Layi ɗaya ga kowane mutum, da shekarunsa, unguwar da ya fito a sansanin, ranar da ciwon ya fara, lokacin da ya iso, yadda ya iso, da yadda ya ƙare. Kwalara in ana kula da ita yadda ya kamata, mace-mace bai kamata ya kai ɗaya cikin ɗari ba. To ga mutum 300 sun zo, 12 sun rasu, huɗu cikin ɗari. Laifin wa? Takardar nan ce za ta faɗa miki. Idan yawancinsu sun mutu cikin 'yan awannin farko da isowa, to a makare suke zuwa, maganin shi ne a kafa ƙananan wuraren shan ORS a cikin unguwanni, a samo abin ɗauko mutane da dare. Idan kuwa sun kwana a tantin sannan suka mutu, musamman tsakar dare zuwa asuba, to matsalar tana cikin gida: leda ta ƙare ba a lura ba, ko nas ɗaya aka bari da gado talatin. Idan rabin masu cutar daga unguwa ɗaya suke, a tura Malam Garba ya duba inda suke ɗiban ruwa.

A sansanonin 'yan gudun hijira na Goma, a gabashin Kongo, a 1994 kusan mutum 50,000 suka mutu a watan farko, akasari kwalara da atini. Darasin da aka ɗauka daga can na ruwa ne da tsari da horon ma'aikata.

Wannan tunanin shi mastas ke koyarwa, Zainabu, don haka kar a ce ba shi da amfani. Amma akwai wata hanya. Ƙasashe da yawa na da shirin FETP na horar da masu bin diddigin annoba a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, wanda aka ɗauko salonsa daga shirin EIS na hukumar CDC ta Amurka da aka kafa a 1951. Matakin farko wajen wata uku ne, na tsakiya wajen wata tara, babban shekara biyu, kuma yawancinsa a bakin aiki ake yi. Sai dai galibi ma'aikatan gwamnati ake zaɓa. Idan asibitinki na gwamnati ne, ajiye aikin na iya rufe miki wannan ƙofar.

Auwal: To ai kun dawo maganata. Duk abin da Isyaku ya faɗa a aji ake koyonsa.

Isyaku: A aji ake koyon dalilinsa. Amma na ga masu mastas da ba za su iya tsabtace rajista a Excel ba, sunan unguwa ɗaya an rubuta shi iri biyar, su haɗa jadawali a haka su aika. Wanda ya iya Excel sosai, ya iya tsara fom na tattara bayanai a manhajar KoboToolbox, ya san shigar da rahoto a manhajar bayanan lafiya ta DHIS2, zan ɗauke shi kafin su. Kuma ukun nan ana koyon su ba tare da an ajiye aiki ba.

Dakta Bilki: Ni abin da nake cewa lokaci ne. Mastas bayan shekara biyu ko uku a fili ya fi wanda aka yi kafin a je, domin kina shiga aji da tambayoyinki. Kuma a lokacin ne ake buƙatarsa da gaske, sa'ad da za ki nemi zama mai tsara ayyukan lafiya na ƙasa ko ki shiga WHO ko UNICEF. Idan akwai ɗan kuɗi yanzu, gajeren kwas na cututtukan ƙasashe masu zafi, irin na makarantun Liverpool ko Landan ko Antwerp, ko kwas na Faransanci, ya fi saurin biyan nas.

Maman Ilham: Kun cika maganar takardu. Ni a tambayi Zainabu, kina da aure? Da yara? Don ba wanda ya yi min wannan tambayar kafin in sa hannu. Ni a ɓangaren abinci mai gina jiki nake. Wurin da aka kai ni ba a zuwa da iyali. Gida ɗaya da abokan aiki, ban ɗaki na haɗaka, kafin magariba kowa ya shige, fita sai da mota da izini, direba na kiran rediyo a kowane shinge. Wanda ya ɓata miki rai a ofis da rana shi za ki tarar a falo da dare. Hutun da ake bayarwa bayan wasu makonni, rabinsa a hanya yake ƙarewa, ka iso gida 'yarka tana maka kallon baƙuwa, kafin ta saba ka sake ɗaukar jaka.

Aikin kansa kuma, ga tef ɗin awon dantse. Yaro ɗan wata 6 zuwa 59, ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani, ya shiga shiri. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 matsakaiciya ce. To sai a wayi gari kuɗin shirin matsakaita ya ƙare, uwa ta yi tafiyar awa uku, tef ya nuna 117, ɗan ba kumburi a ƙafa. Ke za ki dube ta ki ce ta koma. Kin kuma san bayan mako biyu za ta dawo da shi a ja. Na ga ma'aikata suna ɗan matse tef ɗin don ya faɗa ja. Ban ce daidai ba ne, ban kuma iya yi musu faɗa da zuciya ɗaya ba.

Zainabu: Anti, ba ni da yara tukuna, amma akwai maganar aure a gaba. Wallahi wannan na tef ɗin ya taɓa ni. To ke da kike shugabarsu ya kika yi?

Maman Ilham: Na sa aka riƙa rubuta sunayen masu 115 zuwa 119 daban, ma'aikatan unguwa na bin su gida kowane mako suna sake awo. Bai warware komai ba, amma muna kama su da wuri. Maganar aure kuwa, ku yi ta tun yanzu dalla-dalla, da yawan watanni da komai. Kar ki ce masa "ɗan lokaci ne".

Isyaku: Matse tef ɗin nan yana da illa da ba a gani nan take. Alƙaluma su nuna masu tsanani sun ƙaru, a yi odar kaya a kan ƙarya, rahoton warkewa ya yi kyau fiye da gaskiya domin yaran dama ba su kai can ba. Idan ka zana awon ka ga tulin yara a 113 da 114, kusan babu kowa a 115 da 116, ka san hannu ya taɓa.

Maman Ilham: Na sani Malam Isyaku. Kai kana ganin zanen, ni ina ganin uwar.

Malam Garba: Ku biyun duk kuna da gaskiya, ba kuma za ku shirya a nan ba. Zainabu, abu biyu da ba a faɗa a intabiyu. Na farko kwantiragi. Wata shida ne, ko shekara, kuma a ɗaure yake da kuɗin mai ba da tallafi. A farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya aka rushe hukumarta ta tallafi, USAID, mutane masu shekara goma sha a aiki suka tashi ba su da komai cikin 'yan makonni. Yanzu su ne kike gogayya da su a kan gurbi ɗaya, wataƙila ma wannan na cikin dalilin shirun da kike ji. Don haka kar ki saki na hannu. In ana ba da hutu ba albashi a wurinku, shi za ki nema.

Na biyu, tsaro. Mafi yawan ma'aikatan agajin da ake kashewa ko sacewa 'yan ƙasa ne. Idan gari ya rikice, baƙi ake fitarwa daga ƙasar, ɗan gida sai dai a matsar da shi wani gari ko a ce ya zauna a gida. Kafin ki sa hannu ki tambaya a rubuce: inshorar lafiya ta ƙunshi me, idan na ji rauni wa zai ɗauke ni zuwa ina, akwai horon tsaro kafin tafiya, ina da 'yancin ƙin zuwa wurin da ban yarda da shi ba? Ƙungiyar da ta fara kame-kame a nan, bar musu aikinsu.

Nura: Amma dai ana biya da kyau ko? Ni abin da na ji ke nan.

Dakta Bilki: Ya danganta da wa da kuma matsayi. Hukumomin Majalisar sun fi biya, ƙananan ƙungiyoyin cikin gida da ke yin aikin da ya fi wuya su ne ƙasa. Akwai kuma tazara tsakanin baƙo da ɗan gida, har kan ga ɗan gida ya koya wa sabon shugabansa aiki alhali bai kai shi albashi ba. Ana ta maganar gyarawa tun taron agaji na duniya na Istanbul a 2016, tafiyar dai ta hawainiya ce.

Sannan Nura, akwai dokokin da ke korar mutum rana ɗaya. Babu wata alaƙar soyayya ko neman wani abu daga wanda ke karɓar taimako, ko da shi ya kawo kansa. Kuma wanda ya zo da rauni za ka yi masa magani ko daga wane ɓangare yake, har da ɓangaren da ya ƙone garinku. Wasu a nan suke gane aikin ba nasu ba ne.

Auwal: Ni dai har yanzu ina kan bakata. Tunda gurabe sun ragu kamar yadda Malam Garba ya ce, ai yanzu ne lokacin zama a aji, kafin abubuwa su farfaɗo ta fito da takardarta. Gurbin karatu ma ba kullum ake samu ba.

Dakta Bilki: Wannan hujjar ta fi ta farko ƙarfi, ba zan musa ba. Da tallafin karatu ta samu da ni ma na ce ta tafi. Amma da kuɗinta da aikinta duka a lokaci ɗaya? Ta fito bayan shekara biyu, ga mastas, babu ko wata ɗaya na fili, ta yi wa gurbin nas girma ta yi wa na shugaba ƙanƙanta. Irin waɗannan takardun ina ganin su da yawa.

Zainabu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan tambayi makarantar ko suna ɗaga gurbi zuwa baɗi ko suna da na ƙarshen mako. Dakta, idan na sake rubuta takardar zan iya turo miki ki duba? Kuma ina da wata takwas da na yi ina riƙe da ɗakin yara masu ƙyanda lokacin da ta ɓarke, in sa shi?

Dakta Bilki: Shi za ki sa a sama. Gado nawa, ma'aikata nawa a ƙarƙashinki, yadda kuka ware su daga sauran yara, ko kuna ba da bitamin A, da wanda kike aika wa rahoto. Shafi biyu kar ya wuce. Turo ta akwatina.

Isyaku: In har rajistar ƙyandar nan tana nan, ki nemi izini ki cire sunaye ki shigar da ita Excel, ki zana yawan masu zuwa mako-mako, ki raba su da shekaru da waɗanda aka yi wa rigakafi da waɗanda ba a yi wa ba. In kin maƙale a wajen zanen ki yi min magana.